Garin neman gira: yadda masu gyaran hoto ke shafe fuskokin mutane

Bayan bikin 'yar yayata a Kabo, aka kawo babban hoton da za a rataye a falo, cikin firam mai ruwan zinariya, faɗinsa santimita 50. Amarya ce a ciki da kakarta ta wajen uwa, kafaɗa da kafaɗa. Tsohuwar ta karɓa, ta matso da shi kusa da idonta, ta sake nisantawa, sannan ta dube ni da yake ta san sana'ata ce, ta ce, "Kai ɗan nan, ina zanena? Abin da wanzami ya yi da aska tun ina cikin zanen goyo, da me kuka kankare shi?" Aka yi dariya, aka ɗauka wasan kaka da jika ne. Ni ban yi ba, domin na ga abin da ta gani. Kumatunta a hoton sumul suke kamar bayan ƙwarya, inda tsagar take kuwa sai wasu siraran layuka marasa jiki, kamar an zana da fensir an goge. Amaryar kuma ta yi haske, ta yi santsi, ta yi kama da kowace amarya da aka ɗauka a wannan shekara daga Rimin Gado har Getso.

Ina rubuta wannan ne domin ƙalubalantar wata magana da na gaji da ji daga bakin abokan sana'ata, wato cewa muddin ana iya ganin ƙofofin gashi a fata, to gyara bai wuce gona da iri ba. Wannan magana ƙarya ce, kuma lissafi mai sauƙi ya isa ya tona ta. Ƙofofin gashi su ne abu na ƙarshe da ke mutuwa a hoto. Kafin a kai gare su, an riga an kashe fuskar.

Dabarar da ake amfani da ita sunanta a allon kwamfuta `Frequency Separation`, kuma asalinta ba abin zargi ba ne. Ana raba hoto gida biyu. Leyar ƙasa tana ɗauke da launi da haske da inuwa, abubuwan da ke sauyawa a hankali daga wannan gefen kunci zuwa wancan. Leyar sama tana ɗauke da ƙananan abubuwa masu kaifi: ƙofofin gashi, silin gira, ƙwayoyin hoda, tsagewar leɓe a lokacin hunturu. A Photoshop ana kwafin hoton sau biyu, a dusashe na ƙasa da `Gaussian Blur`, sannan a debe shi daga na sama da `Apply Image`, a ɗora abin da ya rage bisa na ƙasa da `Linear Light`. Ga hoto mai bit 8, saitin shi ne:

```
Blending: Subtract   Scale: 2   Offset: 128
High = (Original - Low) / 2 + 128
```

Idan aka haɗa leyoyin biyu ba tare da an taɓa kowacce ba, hoton asali ne ke dawowa. Amfanin rabawar shi ne mutum ya iya daidaita launin wani tabo ba tare da ya lalata saƙar fatar da ke kansa ba, ko ya cire silin gashi da ya gitta goshi ba tare da ya ɓata launin goshin ba. Aiki ne na ɗinke ƙaramar ɓaraka. Abin da ya faru a situdiyoyinmu shi ne an mayar da allurar ɗinki ta zama magogin bango.

Kwana biyu bayan bikin na je situdiyon da aka yi aikin, a cikin garin Gwarzo. Ba zan ambaci sunansa ba, domin abin da na tarar a can shi zan tarar a ko'ina. Saurayin da ke kan kwamfuta yaro ne mai ladabi da saurin hannu, bai ɓoye mini komai ba. Ya buɗe fayil ɗin, ya zuƙo kuncin amarya har ya cika allo, ya ce, "Yallaɓai, duba, ai ban taɓa fatar ba, ga ta nan ɗaya bayan ɗaya." Gaskiyarsa, ƙofofin gashin suna nan. Sai na ce ya nuna mini lambobin da ya yi aiki da su. Wani shiryayyen maɓalli ne da ya samu a wajen abokinsa, yana raba kowane hoto a kan `Radius` 4, ko na kai da kafaɗa ne ko na mutum a tsaye. Daga nan sai ya zagaye kunci da goshi da haɓa da `Lasso`, ya sake dusashe leyar ƙasa da 35, ya bi sauran wuraren da `Mixer Brush`. Minti uku, an gama fuska.

Bari mu auna abin da waɗannan lambobi biyu suka yi. Hoton fiksel 6,000 ne a faɗi, fuskar amarya ta ci kamar 1,200 daga ciki. Faɗin fuskar babban mutum kusan santimita 14 ne, ke nan kowace milimita ɗaya ta fatarta ta samu fiksel 8 zuwa 9. Da wannan ma'auni, ƙofar gashi fiksel 2 ko 3 ce, kurji 20 zuwa 25, tsagar kakar kuwa, da faɗinta bai wuce milimita ɗaya da rabi ba, kamar 13. Inuwar da ke fitar da ƙashin kunci ta haura 300. Rabawa a kan 4 tana tura abin da bai kai milimita ɗaya ba zuwa leyar sama, inda ya tsira. Dusashewa da 35 tana niƙe duk abin da ya rage a ƙasa har zuwa kusan santimita ɗaya. Saboda haka duk abin da girmansa ya faɗa tsakanin milimita ɗaya da santimita ɗaya ya tafi.

To me ke zaune a wannan tsakani? Ɗan lotsawar da ke gefen baki idan mutum zai yi murmushi. Tudun da ke tasowa a ƙarƙashin ido idan murmushin na gaske ne. Inuwar gefen hanci, da kwarin da ke tsakanin leɓen ƙasa da haɓa, da ɗan bambancin launi tsakanin tsakiyar kunci da gefensa wanda ke nuna akwai jini a ƙarƙashin fatar. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma a wannan faɗin ne fuska ke ba da amsa. Uwa ba ta gane ɗanta da ƙofofin gashinsa. Da waɗannan take gane shi tun daga bakin zaure.

Tsagar tsohuwar ta fi komai bayyana laifin, domin ta faɗa daidai kan iyaka. Bakin tsagar mai kaifi ne, sai ya hau leyar sama. Duhun cikinta da zurfinta suka zauna a ƙasa. Da aka niƙe ƙasa, jikin ya tafi, bakin ya rage yana shawagi. Su ne layukan fensir ɗin da ta gani. Duk wanda ya lura da fastocin 'yan takara da suka lulluɓe bangwaye daga Kabo zuwa Gwarzo gabanin zaɓen 2023, da yake ƙananan hukumomin biyu kujera ɗaya suke da ita a Majalisar Wakilai, ya ga irin wannan a goshin dattawa: tamojin yana nan a matsayin zare, amma ba shi da inuwa, sai mutum ya fito ba yaro ba, ba tsoho ba.

Yanzu a koma ga alfaharin saurayin, cewa ƙofofin gashin suna nan. Suna nan ga wa? A takardar da aka wanke mai faɗin santimita 50, fuskar amarya santimita 10 ce, ƙofar gashi kuma rubu'in milimita. Lafiyayyen ido daga nisan mita biyu, wato daga kujera zuwa bangon falo, ba ya rarrabe abin da ya gaza kusan rabin milimita. Ke nan baƙon da ya zo ganin ɗaki ba ya ganin leyar sama ko kaɗan. Leyar ƙasa tsirara yake kallo, wadda aka niƙe. A waya ma haka ne. Idan aka tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba, ana rage dogon gefensa zuwa kusan fiksel 1,600, sai fiksel 3 ɗin nan su koma ƙasa da ɗaya, su ɓace. Mutum ɗaya ne tak a duniya ke ganin saƙar fatar da aka adana, shi ne wanda ke zaune gaban kwamfuta ya zuƙo hoton. Ya tsare abin da ba mai gani, ya zubar da abin da kowa ke kallo. Garin neman gira an rasa ido.

A kan baƙar fata ɓarnar ta fi muni, kuma wannan ne darussan da samarinmu ke kallo a YouTube ba su cika faɗa ba, domin yawancinsu a kan farar fata aka yi su. Fata mai duhu tana haɗiye mafi yawan hasken da ya shige ta, saboda haka babban abin da ke nuna siffarta a hoto shi ne sheƙin da ke tashi daga samanta: a doron hanci, a kan ƙashin kunci, a tsakiyar goshi, a kan leɓe. Wannan sheƙi shi ke gaya wa ido cewa nan tudu ne, nan gangare. Mai gyara yana ganinsa sai ya kira shi maiƙo, ya ɗauko launin gefe ya shafe. Da zarar ya tafi, fuskar ta zama faifai. Ban ce kada a rage shi ba. Amarya ta yini cikin zafi da cunkoso, fitilar kyamara kuma ta bugi goshinta kai tsaye, dole wani wurin ya yi fari fat. A rage kashi ɗaya cikin uku, a bar siffarsa yadda take.

Daga shafe sheƙi kuwa taki ɗaya ne zuwa abin da ya fi damuna. Tunda launi duka yana leyar ƙasa, a keɓe, ɗaga shi ya zama abu mai sauƙi: a ja `Curves` sama kaɗan, a ƙara ɗan ja da rawaya, baƙa ta zama wankan tarwaɗa, wankan tarwaɗa ta zama fara. Abin da ke tona asirin a hotunan biki shi ne lalle. Mai gyara ba ya iya dusashe hannun amarya, domin zanen lallen zai narke, sai ya tsallake shi. Sai ka ga fuska da hannun da ke riƙe da mayafi kusa da ita kamar na mata biyu. Kunne ma yakan tsira da launinsa, haka wuya. Alamar da ake gane mai shafa man bilicin da ita ke nan a zahiri, fuska fara, gaɓoɓin yatsu baƙaƙe, kuma ba na jin daidaituwar ta banza ce. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Yarinyar da ta ga kanta fara a hoton bikin yayarta, ta kuma ji ana cewa ta yi kyau, an riga an nuna mata inda ake so ta kai. Mai hoto bai sayar mata da mai ba, amma shi ya yi tallan.

Na san amsar da za a ba ni, domin saurayin ya ba ni ita, kuma ba wauta ba ce. Ya ce, "Yallaɓai, in ban yi haka ba, cewa za su yi ban iya aiki ba, su tafi wajen wani." Ya ƙara da cewa biki ɗaya hotuna ɗari uku ne, wuta ba ta zama, janareto kuma tun da aka cire tallafin fetur a 2023 ba a kunna shi don nishaɗi. Hanyar da ƙwararru ke bi, ta haskawa da duhuntawa tabo bayan tabo da ƙaramin burushi, tana iya cin rabin awa a fuska ɗaya. Wa zai biya wannan a Gwarzo?

Maganar lokaci na karɓe ta, amma hujja ce a kansa. Cikin hotuna ɗari uku, nawa ne fuska ta kai girman da gyaran fata zai yi ma'ana? A hoton da aka ɗauki amarya a tsaye da ƙawayenta, fuska ba ta wuce fiksel 400 ba, milimita ɗaya fiksel 3 ce, ƙofar gashi da kyar ta kai ɗaya. Babu wata saƙar fata da za a adana. Rabawa a kan 4 a irin wannan hoto yanka ce a wani wuri dabam na fuskar, dusashewa da 35 kuma tana cinye kunci sukutum. Abin da irin waɗannan hotuna ke bukata shi ne daidaita haske da launi, wanda ake yi wa ɗari a lokaci ɗaya. Minti ukun da yake ɓatawa a kan kowace fuska, da ya tara su ya zuba a kan hotuna goma da za a wanke manya, da aikinsa ya ragu, man janareto ya ragu.

Maganar cewa haka mutane ke so kuwa, rabin gaskiya ce. Mutane suna so su yi kyau. Ba wanda ya taɓa shiga situdiyo ya ce a cire masa ƙashin kunci. Abin da suke nema da baki shi ne a cire kurjin da ya fito ana gobe ɗaurin aure, a gyara inda gumi ya tsaga hoda. Sauran mu muka koya musu, shekara bayan shekara, har ido ya saba, wanda bai samu ba ya ɗauka an rage masa aiki. Kuma ba a tambayi kakar ba. A wasu ƙasashe abin ya kai ga hukuma: a 2011 hukumar kula da tallace-tallace ta Birtaniya ta hana tallan Lancôme mai ɗauke da fuskar Julia Roberts saboda gyaran ya wuce abin da kayan kwalliyar za su iya yi, Norway kuma tun Yulin 2022 ta wajabta sanya alama a tallan da aka sauya fata ko surar jiki a cikinsa. Ba doka nake nema wa situdiyoyin Kabo ba. Ina nuna cewa ko a inda aka ƙirƙiro sana'ar, an yarda akwai iyakar da gyara ke zama yaudara. A wajenmu ma hoto ba ado kaɗai ba ne. Shi ake tura wa dangin da ke nesa su ga wadda ɗansu zai aura, shi ake nema ranar da mutum ya rasu.

Iyakar da nake bi a nawa aikin ba ni na ƙirƙiro ta ba, tsohuwar ƙa'ida ce a sana'ar: abin da zai tafi da kansa cikin mako biyu ana iya cire shi, abin da mutum zai tashi da shi baɗi nasa ne, ba a taɓa shi sai ya nema da bakinsa. Kurji da kaushin hunturu da jan ido na rashin barci suna gefe ɗaya. Tsaga da tawadar Allah da tamoji da launin fata suna ɗaya gefen.

Na roƙi saurayin ya ba ni hoton asali, muka zauna tare na sake aikin yana kallo. Kuraje biyar ne a haɓar amarya da gefen goshinta, na cire su da `Healing Brush` a leya dabam, ba tare da raba komai ba, domin wannan kayan aiki da kansa yake ɗauko saƙa daga gefe ya daidaita launi. Wuri ɗaya ne kawai ya bukaci rabawa, gefen hancinta na hagu, inda gumi ya wanke hoda ya bar wata hanya mai duhu. Na fara da `Radius` 2 ina ƙarawa ina kallon leyar ƙasa, har ƙofofin gashi da ƙwayoyin hoda suka ɓace daga cikinta amma inuwar hanci tana nan daram. A kan 8 hakan ta faru. Lambar ta wannan hoto ce kaɗai, wani hoton tasa dabam, shi ya sa maɓallin da ke ba kowa 4 ba zai taɓa yin daidai ba sai bisa katari. Ban dusashe leyar ƙasa ba. Na sa sabuwar leya tsakanin biyun, na ɗauko launi daga fatar da ke kusa, na shafa da burushi mai laushi a hankali a kan hanyar gumin kaɗai, sannan na rage ƙarfin leyar zuwa rabi.

Akwai wani abu da na nuna masa a nasa aikin wanda bai taɓa lura da shi ba. Ɗaurin kan amaryar ja ne, kuma da ya dusashe goshinta, jan ya malalo cikin fatar kamar yatsa guda, ya bar wani baƙi-baƙin ja a gindin gashi. Haka baƙin gira ya malala sama. `Gaussian Blur` bai san iyakar fata da ƙyalle ba, duk abin da ke maƙwabtaka gauraya shi yake yi. Masu rabawa da `Median` sun fi samun sauƙin wannan, domin ya fi kiyaye bakin abubuwa, amma maganin gaskiya shi ne kada hannu ya kusanci iyaka.

Da na gama, sai na ƙanƙantar da hoton a allo har fuskar ta koma girman babban yatsa, na riƙa kunna gyaran ina kashewa. Wannan ne gwajin da na fi amincewa da shi, domin a wannan girma leyar sama ba ta da ta cewa. Idan tabo ne kawai ke ɓacewa yana dawowa, aiki ya yi. Idan kunci yana kumbura yana sacewa, ko hanci yana sirancewa, an taɓa ƙashi. Muka yi wa nasa haka, fuskar amarya ta riƙa numfashi kamar balan-balan. Ya yi shiru, sannan ya ce a mayar da su baƙi da fari mu gani. Shi ya kawo wannan shawara, kuma daidai ce: da launi ya tafi, nawa ya rage fuska mai tudu da kwari, nasa ya zama toka shimfiɗe da idanu biyu a kai. Fuskar kakar ban yi mata komai ba, illa ɗan rage hasken fitila a goshi. Duka aikin minti goma sha biyu ya ci.

Aka sake wankewa da kuɗina. Sabon yana ɗakin tsohuwar a Kabo, sama da gadonta, ta sa an rataye shi inda hasken taga ke faɗa masa. Amaryar ta gode mini ƙwarai, ta ce, "Kawu, wannan ya fi kama da ni." Da na duba wayata da daddare, na farkon ne a kan sitatus ɗinta.